Shagon da Lissafi Ya Ce Darajarsa Ta Gaza Sifili

A ɗauka an yi maka tallan shago a cikin kasuwa, kuma akwai ɗan haya a ciki. Bayan an cire kuɗin gyara, da haraji, da la'adar mai karɓar haya, abin da zai shigo hannunka a ƙarshen shekarar farko Naira miliyan 2 ne. Haya kuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya, kowace shekara sai ta ɗan hau. Shagon ba shi da ranar da zai daina kawo kuɗi, ko a ce ba wanda ya san ranar. To nawa ya kamata ka biya yau?

Masu nazarin kuɗi suna da amsa taƙaitacciya ga irin wannan tambaya, wato darajar kuɗin shiga da ba ya yankewa kuma yana ƙaruwa da kaso ɗaya tak kowace shekara:

```
P = C1 / (r - g)
```

P ita ce darajar abin a yau. C1 shi ne kuɗin da zai shigo shekara ɗaya daga yau. Harafin r yana nufin ribar da kake bukata a shekara kafin ka yarda ka ɗaure kuɗinka a wannan abu, g kuma yawan ƙaruwar da kuɗin shigar zai riƙa yi kowace shekara. Tunanin cewa darajar hannun jari ita ce jimillar ribar da zai raba nan gaba, bayan an auna ta da kuɗin yau, John Burr Williams ne ya shimfiɗa shi a 1938. Myron Gordon da Eli Shapiro suka yaɗa wannan gajeriyar siga a 1956, shi ya sa har yau ake kiran ta da sunan Gordon.

Kafin a ci gaba, r ba dole ba ne ta zama kuɗin ruwa. Mizani ce kawai: abin da kuɗinka zai iya samo maka a wani wuri mai haɗari irin wannan. Wanda ba ya hulɗa da ruwa zai iya farawa daga abin da sukuk na Gwamnatin Tarayya ke biya, wanda na farkonsa a 2017 ya biya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, sannan ya ɗora wani abu a kai saboda shago yana iya zama babu ɗan haya, yana kuma iya ƙonewa. A misalinmu za mu ɗauki r a matsayin kashi 20, g kuma kashi 10. Miliyan 2 a raba da 0.10, ya ba da miliyan 20.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa wannan layi ɗaya na lissafi gajeriyar hanya ce ta tara kuɗaɗe marasa iyaka, kuma hanyar ba ta ɓullewa sai in kuɗaɗen da ake tarawa suna ƙanƙancewa. Bari mu tara su da hannu mu gani. Miliyan 2 na shekarar farko, idan aka raba da 1.2, darajarsu a yau Naira 1,666,667 ce. A shekara ta biyu haya ta zama miliyan 2.2, a raba da 1.44, ya rage 1,527,778. A ta uku haya miliyan 2.42, a raba da 1.728, ya rage 1,400,463. Hayar tana hawa, amma darajarta a yau tana sauka, domin jiran da kake yi yana cin kashi 20 alhali ƙarin yana dawo da kashi 10 kacal. Kowace shekara tana da kusan kashi 92 cikin 100 na darajar wadda ta gabace ta, wato 1.1 a raba da 1.2. Tunda haka ne, hayar shekara ta 50 ko ta 100, komai yawanta a takarda, ba ta ƙara wani abin kirki ga jimillar. Tarin yana matsawa yana matsawa kusa da miliyan 20, ba zai taɓa wuce ta ba. Wannan ne kaɗai dalilin da ya sa abu marar ƙarshe yake da farashi mai iyaka.

Yanzu a bar r a kashi 20, a riƙa ɗaga g. A kashi 15, darajar ta zama miliyan 40. A kashi 18, miliyan 100. A kashi 19, miliyan 200. Duba tazarar nan da kyau: daga 10 zuwa 15, ƙarin maki biyar ya ninka darajar sau biyu, amma daga 18 zuwa 19 maki ɗaya tak ya yi wannan aikin. Shagon bai canza ba, ɗan hayar bai canza ba, hasashe ne kawai ya gusa da ɗan abin da ba wanda zai iya rantsewa a kansa. Idan g ta kai 20 cif, kowace shekara darajarta a yau 1,666,667 ce, ba ta raguwa. Shekara 10 miliyan 16.7, shekara 100 miliyan 166.7, haka nan babu inda za a tsaya. A nan Excel zai nuna `#DIV/0!`, kuma wannan alheri ne, domin kowa zai gane akwai matsala.

Inda haɗarin yake shi ne bayan an tsallake. Saka g a kashi 22, sai na'ura ta ba ka amsa ba tare da wani gargaɗi ba: miliyan 100 ƙasa da sifili. Wanda bai san tushen lissafin ba zai iya karanta wannan a matsayin asara, ya ce shagon nauyi ne. Wani kuma zai share alamar ragin ya rubuta miliyan 100, yana ganin kuskuren na tsarin rubutu ne. Dukansu sun ɓata. Koma ka tara da hannu: shekarar farko 1,666,667, ta biyu 1,694,444, ta uku 1,722,685. Duk lambobin suna sama da sifili, kuma kowacce ta fi ta baya. Ba yadda za a yi a tara kuɗaɗe masu shigowa su haifi bashi. Jimillar gaskiya ba ta da iyaka, lambar da na'ura ta fitar kuwa ba ta wakiltar komai. An samo fomular ne bisa sharaɗin cewa g ta gaza r, to da sharaɗin ya karye, abin da ya rage ragi da rabawa ne kurum waɗanda ba su da alaƙa da shagon. Har ma za ka ga wani abin da ke tona asirin lamarin: a kashi 25 amsar ta koma miliyan 40 ƙasa da sifili, a kashi 30 miliyan 20 ƙasa da sifili. Wato lambar tana yawo ta hanyar da ba ta bin hankalin ciniki ko kaɗan.

Mai aiki da Excel ya kamata ya toshe wannan ƙofa tun daga farko. Idan C1 tana B1, r tana B2, g tana B3:

```
=IF(B3>=B2,"g ta kai r",B1/(B2-B3))
```

Akwai wata hanyar kallon fomular da ni na fi so, domin da ita ɗan kasuwa zai gane abin ko bai taɓa zama ajin lissafi ba. Juya ta ta zama haka:

```
r = C1 / P + g
```

Ma'ana, ribar mai shago kashi biyu ce: hayar da yake karɓa a hannu idan an auna ta da farashin da ya biya, da kuma hawan da darajar shagon ke yi, wanda a wannan tsari daidai yake da hawan haya. A miliyan 20, hayar hannu kashi 10 ce, hawa kashi 10, an haɗa 20. Idan ka ce hawan kaɗai zai ba ka kashi 22 kowace shekara har abada, alhali kashi 20 kake nema, to ka riga ka samu fiye da bukatarka tun ba a biya ka haya ko kwabo ba. Kowane farashi aka faɗa maka, araha ne. Biliyan ɗaya araha ce, tiriliyan ma haka. Kasuwa ba ta da irin wannan kaya. Idan lissafinka ya nuna akwai shi, ɗaya daga cikin lambobinka biyu ba daidai ba ce. David Durand ya yi rubutu a 1957 inda ya kwatanta wannan matsala ta kamfanoni masu saurin bunƙasa da tsohon wasan nan na St. Petersburg da Daniel Bernoulli ya tattauna a 1738, wasan da lissafi ke cewa darajarsa ba ta da iyaka amma ba mai hankalin da zai biya kuɗi mai yawa ya shiga.

Wannan juyin yana da amfani a wurin ciniki ma. Mai shago ya ce ba zai sallama ba sai a miliyan 50. Hayar hannu ta zama kashi 4 ke nan. Domin ka samu kashi 20 ɗinka, dole haya ta riƙa hawa da kashi 16 kowace shekara ba fashi, har illa ma sha Allahu. Maimakon ku tsaya kuna jayayya kan miliyan 50 ko 30, ga tambayar da za a iya tattaunawa da hujja: shin hayar wannan layin za ta iya hawa da kashi 16 na tsawon zamani?

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya a kan sharaɗin g ta gaza r a ɗauka an tsira. Kashi 19 ya gaza 20, na'ura ta karɓa, ta ce miliyan 200. Lissafin halal ne a wurin malamin lissafi, amma a wurin mai saye ba shi da ma'ana tun kafin a zo nan. Ga yadda za a gane. Kason darajar da ke fitowa daga shekarun da ke bayan shekara ta N shi ne:

```
((1 + g) / (1 + r))^N
```

Da g a kashi 10, rabin miliyan 20 ɗin yana dawowa cikin kimanin shekara 8, kuma abin da ya rage bayan shekara 30 kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai. Wannan daraja ce da ta dogara da shekarun da mutum zai iya hangowa: ya san layin, ya san ciniki, ya san ginin. Da g a kashi 19 kuwa, sai an yi kusan shekara 83 kafin rabin miliyan 200 ɗin ya dawo. Kusan kashi 78 cikin 100 na farashin yana bayan shekara 30. To a Nijeriya, ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, takardar mallakar fili da gwamna ke bayarwa galibi wa'adin shekara 99 gare ta, kuma shagunan kasuwa da yawa ana riƙe su ne bisa yarjejeniyar da ba ta kai haka ba. A lissafin kashi 19, kusan kashi 44 cikin 100 na abin da za ka biya kuɗin hayar da za ta zo ne bayan shekara 99, lokacin da takardar ta ƙare. A lissafin kashi 10, abin da ke bayan shekara 99 bai kai Naira 4,000 ba cikin miliyan 20. A nan kiran shagon marar ƙarshe sauƙaƙawa ce da ba ta cutar da kowa. A can kuwa kusan rabin farashin ya rataya ne a kan wannan kalma ta "har abada", wadda kowa ya san ba gaskiya ba ce. Shi ya sa nake ganin wannan gwajin ya fi na farko muhimmanci, kuma bai ɗaukar minti ɗaya.

To daga ina g mai yawa take shigowa lissafin mutane? A wurinmu amsar kusan kullum hauhawar farashi ce. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100, kuma Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5. Wanda ya ga haya ta hau da kashi 25 ko 30 a irin waɗannan shekaru ba ƙarya ya gani ba. Kuskuren yana wurin ɗaukar wannan lamba a sa ta a gurbin g, wadda ke nufin matsakaicin hawa na dukan shekaru masu zuwa, sannan a haɗa ta da r da aka ɗauko daga lokacin da abubuwa suka lafa. Wani ma yakan ɗauko r ta kashi 8 ko 10 daga littafin da aka rubuta da lissafin Dala, ya haɗa da g ta Naira. Dole lambobin biyu su fito daga kuɗi ɗaya, su kuma ɗauki hasashen hauhawa iri ɗaya. Idan kana ganin farashi zai ci gaba da hawa da kashi 25 har abada, to ba za ka yarda da ribar kashi 20 ba, domin kuɗinka raguwa suke yi, r ɗinka dole ta haura 25 sosai. Idan kuma kana ganin hauhawar za ta sauka, to g ma ta sauka tare da ita. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke lissafi da Sefa, wadda aka ɗaure da Yuro, lambobinsa biyu za su kasance ƙanana fiye da na takwaransa na Kano, amma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke yanke farashi a duka wuraren.

Hanya mafi tsabta ta auna g ita ce a cire mata hauhawa a ga abin da ya rage. A ɗauka kana hasashen hauhawar kashi 12 a dogon zango, kuma ka sa g a kashi 18. Raba 1.18 da 1.12, ya ba da kusan 1.054. Wato kana cewa hayar za ta riƙa ƙaruwa da kashi 5.4 na haƙiƙa kowace shekara, tana ninka ƙarfin sayenta duk shekara 13, har cikin shekara 100 ta ninka sau 185. Shago ɗaya ne, faɗinsa bai ƙaru ba. Ɗan hayar daga cinikinsa yake biya, cinikinsa kuma daga aljihun masu saye yake fitowa. Idan tattalin arzikin ƙasa yana ƙaruwa da kashi 3 na haƙiƙa, alal misali, to hayar da ke gudu da 5.4 tana cin kaso mafi girma na cinikin ɗan haya kowace shekara, har ranar da zai kwashe kayansa ya koma wani layi. Daga nan ne ƙa'idar da masu kimanta kamfanoni ke bi ta fito: g ta dindindin kada ta wuce ƙaruwar tattalin arziki gaba ɗaya, wato hauhawa haɗe da bunƙasar haƙiƙa. Ga shago guda da ba ya faɗaɗa, ni zan tsaya kusa da hauhawar kanta, ko ƙasa da ita kaɗan, domin gini yana tsufa kuma kasuwanni suna ƙaura. Ga kamfani kuma akwai ƙarin sharaɗi, cewa bunƙasa ba kyauta ba ce: wanda zai girma da sauri dole ya riƙe kaso mai yawa na ribarsa ya mayar cikin harka, don haka ɗaga g ba tare da rage C1 ba cin tuwo biyu ne da miya ɗaya.

Duk wannan ba ya nufin haya ba za ta iya hawa da kashi 25 ba. Tana iya yi, na ɗan lokaci. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ta dawwama a haka, kuma maganin shi ne a raba lissafin gida biyu. A ɗauka sabuwar hanya ta biyo ta gaban layin, kana sa ran haya za ta hau da kashi 25 kowace shekara har zuwa shekara ta biyar, daga nan ta koma kashi 10. Hayar shekaru biyar ɗin za ta zama miliyan 2, sai 2.5, sai 3.125, sai 3.906, sai 4.883. Kowacce a mayar da ita darajar yau da kashi 20: miliyan 1.667, 1.736, 1.808, 1.884, da 1.962. Jimilla miliyan 9.06. Lura cewa a nan g ta fi r kuma ba abin da ya lalace, domin shekaru biyar ne ake tarawa, suna da iyaka. Sai a shekara ta shida fomular ta shigo. Hayar wannan shekara ita ce 4.883 sau 1.1, wato miliyan 5.371. A raba da 0.10, ya ba da miliyan 53.7. Amma wannan daraja ce a ƙarshen shekara ta biyar, ba ta yau ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Sai an raba ta da 1.2 sau biyar, wato da 2.488, ta koma miliyan 21.6. A haɗa da 9.06, shagon ya tsaya a kan kusan miliyan 30.6.

Wannan lamba ce da za a iya kare ta a gaban kowa. Shekarun gudun sun ƙara miliyan 10 da ɗoriya a kan miliyan 20 na farko, ba su mai da shagon abin da ba shi da farashi ba. Duk da haka kusan kashi 70 cikin 100 na miliyan 30.6 ɗin daga wutsiyar lissafin ya fito, daga wannan ragi na r da g. Saboda haka ba zan taɓa karɓar lamba ɗaya tilo daga hannun mai kimantawa ba. Zan nemi ya nuna mini abin da zai faru idan g ta dindindin ta zama 8 ko 12. A kashi 8 wutsiyar ta koma kusan miliyan 17.7, jimilla 26.7. A kashi 12 ta zama kusan 27.5, jimilla 36.5. Farashin da ke tsakanin miliyan 27 da 36 abu ne da za a iya zama a yi ciniki a kansa. Idan kuwa gusawar maki biyu ƙasa da sama ta kai amsar daga miliyan 50 zuwa abin da ba shi da iyaka, kamar yadda ke faruwa ga wanda ya fara daga kashi 18, to tazarar r da g ta yi ƙanƙanta da yawa, kuma ya kamata a koma kan hasashen kafin a ambaci wani farashi.

Saura abu ɗaya da ya shafi al'adar hayarmu. Fomular ta ɗauka cewa kuɗin farko sai bayan shekara guda zai shigo. A nan kuwa ɗan haya yakan biya kuɗin shekara ne tun a farkonta. Idan ranar da ka karɓi makulli ita ce ranar sabunta haya, kuma miliyan 2 ɗin hannunka za su shigo nan take, to a ware su gefe tukuna, domin ba su bukatar a rage musu daraja. Abin da ya rage yana farawa ne da miliyan 2.2 bayan shekara ɗaya, wanda darajarsa miliyan 22 ce. Jimilla miliyan 24, ba 20 ba. Idan kuma tsohon mai shagon ya riga ya karɓi hayar bana ya sa a aljihu, naka miliyan 22 ne kawai. Bambancin miliyan 2 ke nan da ya rataya a kan tambayar da ya kamata a yi wa dillali tun ranar farko: yaushe ɗan hayar ya biya na ƙarshe, kuma wa ya karɓa?